Na samu aikin manaja a ƙasar waje, yaushe zan miƙa takardar ajiye aiki?

Barista barka da aiki. Shekarata 6 ina manajan wani otal, yanzu Allah ya kawo wani aikin da ya fi wannan a ƙasar waje, sun ce in fara 1 ga Satumba. Kwantiragina ya ce notis wata 3 ne, yau 15 ga Yuni kuma biza ba ta fito ba. In miƙa takardar yanzu?

Ranka ya daɗe, Allah ya sanya alheri, amma ka ɗan dakata. A dokar ƙwadago ta yawancin ƙasashe, da zarar takardar ajiye aiki ta shiga hannun mai otal to ba ka da ikon janye ta kai kaɗai sai in ya yarda, ka ga in bizar ta maƙale ka yi biyu babu kenan. In saƙon imel na taya murna kawai sabon wurin suka aiko maka, kar ka ɗauke shi kwantiragi. Ka jira kwantiragi mai sa hannun ɓangarori biyu da izinin aiki su zo hannu tukuna.

To ga lissafin. Ko yau ka miƙa, wata 3 zai kai ka wajen 15 ga Satumba, ka riga ka makara da sati biyu, in kuma ka jira biza har tsakiyar Yuli to sai tsakiyar Oktoba. Ni abin da na fi so shi ne ka fara roƙon sabon wurin su ɗaga ranar farawa, su ma sun san manaja ba ya tashi dare ɗaya. In sun ƙi, ka zauna da mai otal ɗinka ya rage maka notis, amma a rubuce, kar ka yarda da "ba komai je ka" na fatar baki. Kwanakin hutunka da ba ka ci ba ana iya cire su daga notis in ya amince, sauran kuma ka biya albashin kwanakin a madadinsu in kwantiragin ya ba da wannan damar. Ka tafi haka kawai, karya yarjejeniya ce, zai iya kai ka kotu neman diyya kuma shi ne sabon wurin za su kira su tambayi halinka.

Takardar kanta kar ta wuce rabin shafi: kwanan wata, cewa ka ajiye aiki, sashen kwantiragin da ya yi maganar notis, da ranar aikinka ta ƙarshe. Ba dole ka faɗi inda za ka ba, kuma don Allah kar ka zuba ƙorafi a ciki. Kwafi biyu, a sa maka hannu da kwanan wata a naka.

Inda manajoji suka fi ƙonewa shi ne miƙa ragama. A ƙirga kuɗin kanta da kayan sito a gabanka, ka miƙa makullai da lambobin sirri, a cire sunanka daga masu sa hannu a asusun banki da duk lasisin da ke ɗauke da shi, wanda ya karɓa ya sa hannu. In ba haka ba kana can waje za ka ji wai an gano giɓi kuma an riƙe haƙƙoƙinka.