Yadda ake raba doguwar hira zuwa tambaya da amsa ba tare da an ɗora wa wani maganar wani ba

Tambaya: Malam, na ɗauki hirar awa ɗaya da rabi da wani dattijo a wani ƙauye kusa da Ringim kan tarihin gonakin fadama. Ƙanina ya buga mini ita a Word, shafi 28, duk a dunƙule. Mai shagon buga takardu ya ce cikin minti biyar zai raba ta, duk inda aka ga alamar tambaya tawa ce, saura na dattijon. Ina tsoron kada a cakuɗa, domin akwai maganar iyakar gona a ciki.

Amsa: Malama, kada ki ba shi wannan aikin. Alamar tambaya ba ta nuna wanda ya yi magana, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata hirarrakin da ake ɗaukowa daga karkara. Dattijon Bahaushe ba ya minti biyu bai ce "kin gane?" ko "ko ba haka ba?" ba. Yana kuma kawo maganar wasu da bakinsa: "Sai dagaci ya ce mini, wa ya ba ka izinin noma nan?" Mai shago zai yanke wannan ya liƙa miki, takarda ta nuna ke ce kike tuhumar dattijo. Ke kuma sau da yawa tambayarki ba ta da alama ko kaɗan, kamar "To Baba, a ba mu labarin shekarar ambaliya." Wannan sai ta faɗa cikin amsa. Ga kuma ɗansa da ke zaune a gefen tabarma, ya tsoma baki ya ce iyakar daga tsamiya ta fara. Wanda bai ji murya ba zai rubuta cewa uban ne ya faɗa, kuma idan takardar ta kai hannun maƙwabcin gona, tana iya tayar da rigimar da za ta kai gaban alƙali. Abin takaici, masu wannan aiki ko neman faifan ba sa yi, kuɗin shafi kawai suke ƙirgawa. Da kunne ake raba hira, don haka sai kin sa abin sauraro kin bi ta daga farko.

Ki fara da ajiye kwafi, ki bar na asali yadda yake. A saman sabon, rubuta sunayen da za ki yi amfani da su kuma kada ki sauya su har ƙarshe: `TAMBAYA:` ke, `AMSA1:` dattijo, `AMSA2:` ɗansa. Ki guji suna mai ɗ ko ƙ, saboda kwamfuta tana ɗaukar "Ɗan" da "Dan" a matsayin kalmomi biyu daban, bincike sai ya tsallake rabi.

Sai ki kunna faifan kina bin rubutun. Duk inda murya ta sauya, ki buga sunan a gaban kalmar farko, ba sai kin damu da sakin layi ba tukuna. A kowace tambaya ki ƙara lokacin da ke kan waya, misali `TAMBAYA: [00:14:32]`, don duk mai shakka ya koma ya ji da kansa. "Na'am", "to" da "haka ne" da kike yi yayin da yake bayani ba sabuwar tambaya ba ce. Ki bar su cikin amsarsa a baka mai kusurwa, in ba haka ba labari ɗaya zai tsinke gida goma. Inda iska ko kukan akuya ya rufe murya har kika kasa tantance mai magana, rubuta `[ba a gane mai magana ba]` da lokacin, kada ki yi ƙiyasi. Ki ware wa wannan aƙalla awa uku.

Yanzu ne kwamfuta take da amfani. Danna Ctrl+H, ki danna More, ki zaɓi Match case, sannan:

```
Find what:    TAMBAYA:
Replace with: ^p^&
```

`^p` sabon sakin layi ne, `^&` kuma yana maido da abin da aka nema. Danna Replace All, ki maimaita da `AMSA1:` da `AMSA2:`. Word zai gaya miki sau nawa ya sauya kowanne, ki rubuta adadin a takarda. Idan tambaya 64 ce amma amsoshin duka 51, akwai wurare aƙalla 13 da aka tsallake suna ko aka buga shi ba daidai ba, kamar `AMSA 1:` mai tazara a tsaka. Amsa ta fi tambaya yawa ba laifi, tunda mutum biyu ne ke amsawa.

Wurin da aka ambaci iyaka, ki saurare shi sau biyu. Idan hali ya yi, ki koma ƙauyen ki karanta wa dattijon wannan sashen a gaban ɗansa, kowa ya tabbatar da nasa kafin takardar ta fita daga hannunki.