An turo min alat na ƙarya na saki kaya, wa zan kama?

Wata 'yar'uwa daga Kano ta turo tambaya. Tana saro leshi da atamfa a Kantin Kwari tana ɗorawa a sitatus, tana kuma da katalog a WhatsApp Business. Ranar wata Juma'a da yamma wani ya yi mata magana, ya ce ƙawarta ce ta ba shi lambarta, ya zaɓi leshi 2 a kan dubu 45 kowane da atamfa turmi 3 a kan dubu 18, da kuɗin ɗan aike 2,500, lissafi ya kama naira 146,500. Ya turo hoton rasit, minti kaɗan kuma saƙon tes ya shigo wayarta da sunan bankinta. Ya ce kayan lefe ne, a daren za a haɗa akwati, don Allah ta yi sauri. Ta ba mai babur ya kai masa bakin wani gidan mai. Sai da safe ta buɗe manhajar banki ta ga ko sisi bai shigo ba. Da farko ya ce netwok ne, ta jira Litinin, ranar Litinin ɗin kuma ya yi bulokin ɗinta. Tambayarta: ta kama ƙawar, ko mai babur, ko ta watsa hotonsa a sitatus kowa ya gani?

Toh Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kafin maganar wa za a kama, akwai abu ɗaya da shi ne zai raba miki hanya, wato shin mutumin nan ya tura kuɗi ya maƙale ne, ko tun farko rasit ɗin ƙirƙira ne. Idan ya tura ya maƙale ko ya koma masa ya ƙi sake turowa, bashi kike binsa, maganar kotun farar hula ce. Idan rasit ɗin haɗa shi aka yi, wannan damfara ce, laifi ne da hukuma ke hukuntawa. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe, su je caji ofis su ce "wani ya ci min kuɗin kaya", sai a ce musu ai wannan ciniki ne, mu ba ma karɓar bashi. Kuma gaskiyarsu ce, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Don haka sai kin je da abin da zai nuna ƙarya aka yi miki tun kafin ki saki kayan.

Abin da zai nuna hakan yana jikin rasit ɗin da ya turo. Yawancin tiransifa daga wani banki zuwa wani tana bi ta kamfanin NIBSS ne, kuma kowacce tana da lambarta mai tsawo, lamba 30, wadda ake rubutawa Session ID. Ki ɗauki rasit ɗin ki je reshen bankinki da kanki, ki rubuta ƙorafi, ki ce su duba wannan lambar, ki kuma nemi sitetimen mai hatimi daga ranar Juma'ar zuwa ranar da kika je. In lambar babu ita kwata-kwata, ko ta wata tiransifa ce daban ta wani kuɗi daban, to kin samu ƙashin bayan ƙararki. In ma rasit ɗin bai da lambar, sitetimen ɗin kaɗai ya nuna kuɗi bai shigo ba. Ki roƙi su ba ki amsa a rubuce, ko da layi biyu ne, don maganar baki ta ma'aikacin kanta ba ta zuwa kotu. Saƙon tes ɗin nan kuma kar ki goge shi. Sunan da ke fitowa a saman tes ana iya ƙirƙirarsa, har saƙon ya faɗo cikin jerin saƙonnin bankinki na gaskiya, shi ya sa ya ruɗe ki. Ki duba balas ɗin da aka rubuta a ƙasansa, ki haɗa da abin da kika san kina da shi a lokacin, yawanci ba ya dacewa domin ɗan damfara bai san nawa ne a asusunki ba. Wannan tes ɗin ma hujja ce babba, don wanda netwok ya riƙe wa kuɗi ba ya turo saƙon banki na bogi.

Yanzu hirarku. Yau ɗin nan ki shiga hirar ki danna Export chat tare da hotuna da saƙon murya, ki tura wa imel ɗinki. Ki ɗauki sikirinshot da lambarsa ke fitowa a sama, ba sunan da kika yi masa sabin da shi ba, "Kwastoma lefe" ba ya nuna kowa. Kada ki sayar da wayar ko ki yi mata filashin. Dalili shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, amma sai an haɗa da takardar da ke bayyana wace na'ura ce, yadda aka ciro, da cewa tana aiki daidai a lokacin. Ke mai wayar za ki iya sa hannu a kai, lauya ko mai gabatar da ƙara zai tsara miki. Ƙara mai kyau tana iya yin rauni don kawai an zo da hotunan da aka buga a shagon kwamfuta ba wannan takardar, wayar kuma an riga an canza.

Ƙawarki, a abin da kika faɗa min, doka ba ta ɗora mata biyan kuɗin. Ba da lamba ba lamuni ba ne. Sai fa in ta ce miki "ki ba shi, in bai biya ba ni zan biya", ko kuma aka gano da ita aka haɗa baki. Ki ma fara tambayarta a hankali ko da gaske ta san shi, don sau da yawa suna tsintar suna ne a gurup ɗin mata ko na 'yan kasuwa su jingina da shi. Mai babur shi ma ke kika aike shi, ya kai inda kika ce. Shi ne kaɗai ya ga fuskar wanda ya karɓi kayan, ya san wurin da lokacin, wataƙila ma da wata lambar aka kira shi. Wallahi ki lallaɓa shi, ki rubuta abin da ya tuna tun bai manta ba, in kika sa aka tsare shi kin yi asarar mai shaidarki. Haka kuma in an gano gidan su mutumin, kar ki yarda a ɗauko mahaifiyarsa ko matarsa a ce sai ya fito. Doka ta hana kama wani a madadin wani, kuma su za su iya juyowa su yi ƙararki kan tauye haƙƙi.

Maganar watsa hotonsa, na san zuciya na tafasa, amma ki dakata. Hoton da ke kan furofayil ɗin ɗan damfara sau tari ba nasa ba ne, na wani bawan Allah ne aka ɗauko a Facebook. Kika rubuta "ɓarawo" a ƙasan hoton wanda bai ji ba bai gani ba, ke ce za ki amsa ƙarar ɓata suna. In kina son gargaɗin 'yan'uwanki masu sana'a, ki faɗi yadda aka yi miki, salon kayan lefe da gaggawa da tes, ba hoto ba suna.

Hanyar da nake ba ki shawara ita ce takardar koke a rubuce zuwa ga 'yan sanda, shafi ɗaya ya isa: ranar, lambarsa, kayan da farashinsu, abin da ya turo, abin da banki ya ce, da sunan mai babur a matsayin shaida. Ki yi kwafi biyu a buga miki hatimin karɓa a ɗaya. Su ne ke da ikon neman bayanan layin daga kamfanin waya, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin su ajiye irin waɗannan bayanai shekara 2, ga shi kuma layuka an haɗa su da NIN. A ƙarƙashin kundin hukunta laifuka na Final Kod abin da ya yi cuta ce, kotun majistare na iya saurara. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, wadda hukuncinta ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ne ba zaɓin tara, kuma kotu na umartar a mayar wa mai dukiya dukiyarsa. Za ki iya kai wa EFCC ma, musamman in kin samu wasu da ya yi wa irin haka da lambar nan, ku haɗa koke ɗaya, ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Amma ba zan ɓoye miki ba, layin na iya zama na sata ko an yi rajistarsa da sunan wani, kuma kayan in ya riga ya sayar wa wanda ya saya da zuciya ɗaya bai san komai ba, ƙwato su daga hannun wancan yana da wuya. Ki sa wa kanki iyaka kan abin da za ki kashe wajen bin 146,500. In kuwa banki ya ce tiransifar gaskiya ce ta koma masa, kuma kin san inda yake, to sai ki aika masa takardar neman biya, in ya ƙi ki shigar a kotun ƙananan basussuka da Kano ke da ita, ba dole sai da lauya ba, ko kotun shari'ar Musulunci. Duk biyun sai da adireshin da za a kai masa sammaci. In ya zo neman sulhu ki karɓa, amma a rubuce, da ranakun biya da shaidu, kuma kar ki janye koke sai kuɗin ya zauna a asusunki.

Sai abin da zai kare ki gaba. Farashin da kika sa a sitatus ko katalog tayi ne kawai kike gayyata, in kwastoma ya turo kwandon oda daga katalog ma saƙo ne, ba biya ba ne, ciniki bai faɗa ba sai kin amsa. Sitatus kuma awa 24 yake ɓacewa, don haka ki maimaita komai a cikin hira da rubutu, ko da da murya kuka yi magana: "Leshi 2, atamfa 3, da kuɗin kai kaya, 146,500. Kaya ba ya fita sai na ga kuɗi a asusuna. Wane suna zai fito a tiransifar?" Ya amsa da "na yarda" kafin ki ba da lambar asusu. Sannan ki buɗe manhajar bankinki da hannunki ki ga kuɗin a jerin shige da fice, in babu data ki duba da lambar USSD ta bankin.

Tambayar sunan nan kar ki raina ta, don akwai salon da kuɗin gaskiya ne ke shigowa amma ki shiga uku. Ɗan damfara zai kwashi hotunan kayanki ya tallata wa wata, ya ba ta lambar asusunki ta biya, shi ya zo ya karɓi kayan a wurinki. Ita da ba ta ga kaya ba sai ta kai ƙarar asusun da ta tura wa, wato naki, a wayi gari an rufe miki shi ana nemanki. Duk lokacin da sunan mai turo kuɗi ya bambanta da na mai oda, ki riƙe kayan, ki nemi lambar mai asusun ki kira shi da kanki ki ji me ya biya kuma wa za a ba. In kuma wani ya ce ya turo fiye da kuɗin kaya ki mayar masa da ragowa a wani asusu daban, kar ki tura, ki sa bankinki ya mayar ta hanyar da kuɗin ya shigo.