Hoton fartanya ba ya faɗa maka sunanta sai ka ga ƙota

"Maigida barka da aiki. Mutane suna turo min hotunan kayan noma a waya suna cewa in faɗa musu sunansu ko a ƙera musu irinsu, ni kuma wallahi duk kama suke min, fartanya da hauya da sungumi, ga lauje kala kala, ga wasu almakasai na yanke rassa. Ta yaya kake ganewa daga hoto kawai?"

To kai yaro, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don wannan maganar ta hoto ta taɓa cinye min aikin kwana 12 kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba zan tsaya ina gaya maka mene ne gatari mene ne adda ba, wanda ya yi wata guda yana zuga wuta a maƙera bai san wannan ba gara ya koma gida. Abu ɗaya nake so ya shiga kanka: ruwan ƙarfen ba shi ke ba kaya suna ba. Ƙota ce ke ba shi, da yadda ruwan ya zauna a jikinta, da girmansa. Kuma waɗannan ukun su ne hoto ya fi ɓoyewa.

Ku yaran yanzu da an turo hoto sai ku sa yatsu biyu ku buɗe shi ku ƙura wa baki ido, baki kawai. Ni ƙota nake fara nema. In gajera ce, tsawon hannu ko ƙasa da haka, ruwan ya lanƙwaso ciki yana kallon mai riƙewa, to kayan duƙe ne, fartanya ce ta noma, ciyawa take shara a saman ƙasa. In ƙotar doguwa ce har mutum zai yi aiki a tsaye, ruwan ƙarami ne siriri mai kauri, sungumi ne, sara ɗaya rami ɗaya, mai binne iri yana biye a baya. In ruwan faffaɗa ne mai nauyi, ƙotar ta rusuno a kansa kamar za ta rufe shi, garma ce ta huɗa, ita ɗebo ƙasa take ta kifar. Magirbi kuwa a hoto sai ka rantse ƙaramar fartanya ce, amma duba kaurinsa, ruwansa shafal ne da kaifi irin na wuƙa don kara yake sara. Hauya ita ce mai rikici, wani wurin in an ce hauya fartanya ake nufi, wani wurin kuma doguwar nan ce da ake turawa gaba a tsaye. Ita hauyar nan ce ta ja min.

Wani mutum ne, dillali, gab da faɗuwar damina ya turo min hoto ɗaya tak. Ruwa ne ba ƙota, an ajiye shi a kan siminti, an ɗauka daga sama. Ya rubuta a ƙasa wai hauya irin wannan guda 80 yake so kafin ruwa ya sauka, masu gona suna jiransa. Na duba na ga baki mai faɗi ya tsuke ta baya, na ce ai wannan fartanya ce da na fi shekara 30 ina bugawa. Ban ce ya turo wani hoton ba, ban tambayi faɗin bakin ba, kafin alƙalami ma ban karɓa ba don wani da nake jin kunyarsa ne ya haɗa mu. Na ture aikin mutanena na kullum, manoman da kowace shekara nan suke kawo gyara, na ce su yi haƙuri. Ni da yara 3 muka duƙufa, gawayi buhu bayan buhu, ƙarfe mai kyau na zaɓa ba ruɓaɓɓen kwano ba, kowanne na fitar masa da wutsiya mai tsini wadda za a ƙona ta shiga kan ƙota, na daidaita bakin da magagari ɗaya bayan ɗaya. Kwana 12 muna yi, har da dare.

Ranar da ya zo ya ɗauki guda ɗaya ya juya ta ya juya, sai ya taɓe baki ya ce ba wannan ya ce ba. Ya koma mota ya ɗauko wai ainihin abin da ya ɗauki hotonsa. Da na karɓa sai na ji hannuna ya yi sanyi. Faɗin bakin bai wuce yatsu 4 ba, nawa kuwa sun kai tafin hannu a buɗe har da ƙari. Na kifa shi, ashe ta ƙasa bututu ne da shi wanda ƙota ke shiga ciki, ba wutsiya ba. Wayar ce aka kanga dab da bakin shi yasa ya cika hoton ya yi faɗi, bututun kuma ya ɓuya a ƙarƙashi. Na buɗe hoton a gabansa na sake dubawa, sai ga wata 'yar inuwa a bayan ruwan, alamar ƙarfen bai kwanta a simintin ba, wani abu ya ɗaga shi. Ruwa mai wutsiya in ka ajiye shi za ka ga wutsiyar ta fito fili ta baya, wannan kuwa bayansa a dunƙule yake. Inuwar nan tana wurin tun ranar farko, ni ne ban tsaya na karanta ta ba.

Amma abin da ya fi ƙona min rai ba wannan ba ne. Ya gama faɗansa, wai na ɓata masa lokaci na sa zai ji kunya wurin mutane, har ya kunna mota, sai ya leƙo ya ce don dai kada in yi asara duka zai kwashe su a rabin kuɗi. Ni kuma ga bashin ƙarfe a kaina ga yara suna jiran haƙƙinsu, na ba shi. Ba a yi sati 2 ba wani manomi ya kawo min fartanya a gyara mata ƙota, na duba na ga bugun hannuna ne, na tambaye shi ina ya samu ya kwatanta min mutumin nan, kuma cikakken kuɗi ya biya. Ashe akwai lauje cikin naɗi, fartanyar yake so tun asali, ya san in ya ce hauya ya turo hoto irin wancan duk wadda na buga yana da bakin cewa ba ita ba ce. Shekara nawa yanzu amma ban yafe ba, kuma manoma biyu cikin waɗanda na ce su jira ba su sake dawowa wurina ba.

Shi yasa yanzu ko waye ya turo, hoto ɗaya ba na amsa shi. Uku nake so: daga sama, daga gefe, sannan a kife. Na gefen shi ne uba, shi zai nuna maka kwanar da ke tsakanin ruwa da ƙota da kaurin ƙarfen. Kuma dole a ajiye wani abu kusa da shi da kowa ya san girmansa, tafin hannu ko kwalin ashana, in akwai tef ɗin awo ya fi. Kwanar nan ma da ita kake raba gatari da gizago in hoton ya yi duhu, gatari kaifinsa yana bin tsawon ƙota, gizago nasa ya gitta ta kamar fartanya.

Lauje kuma ba kala kala ba ne kamar yadda kake cewa, cikin bakin za ka duba. In ka buɗe hoton ka ga ƙananan haƙora jere a cikin lanƙwasar, na yankan shinkafa da alkama ne, ka kama dami da hannu ɗaya ka ja shi kamar zarto, haƙoran suna riƙe karan da ya bushe kada ya zame. In bakin sumul ne yana ƙyalli, na ciyawa ne ɗanya, shi washi yake so a kai a kai. Mai haƙora in ka ɗora shi a dutse ta ɓangaren haƙoran ka kashe shi, ta bayan da yake a shafe ake taɓa shi kaɗan. Matsalar ita ce hoton da aka tura aka sake turawa yana dushewa haƙoran su ɓace, sai ka ga baki kamar sumul, to kada ka yi canke, ka ce mai shi ya ja farcensa a bakin ya gaya maka ko yana kartawa. Sannan ka tambaya da wane hannu yake aiki, don kyamarar gaba ta waya takan juya hoto, dama ta koma hagu, kai kuma ka fitar wa mutum kaifi ta ɓangaren da ba nasa ba.

Almakashin rassa mu ba ma ƙera shi, washi da gyaran sifirin ake kawo mana, amma sanin sunan ya zama dole tunda za a tambaye ka. Iri biyu ne masu kama da juna in suna rufe, don haka ka ce a buɗe bakin kafin a ɗauka. Ɗaya ruwansa a lanƙwashe yake, yana wucewa ta gefen ɗan'uwansa mai kama da ƙugiya kamar yadda almakashin tela ke yi, wannan na ɗanyen reshe ne, yana yanka tas bai murƙushe ɓawo ba. Ɗayan ruwansa a miƙe yake yana sauka a kan wani faffaɗan dandamali kamar wuƙa a kan katako, shi na busasshen itace ne, in ka sa shi a ɗanye dandaƙa shi zai yi ciwon ya daɗe bai warke ba. Na farkon gefe ɗaya kawai ake wasawa, gefen waje, in ka ci gefen ciki da dutse ka buɗe rata tsakanin ruwan biyu daga nan sai dai ya riƙa taunar reshe. Na hannu ɗaya iyakarsa reshe mai kaurin babban yatsa, wajen santimita 2, wanda ya fi haka sai mai dogayen hannuwa da ake kamawa da hannu biyu. In kuma ka ga ruwan duka biyu dogaye ne a miƙe kamar ƙaton almakashi, wannan na aske shinge ne, ganye da ƙananan tsinke yake ci, ba na reshe ba ne ko kaɗan.

Ni abin da ke damuna da ku shi ne sauri, kuna jin kunyar ce wa mutum sake turo wani hoton wai kada a ce ba ku iya ba, sai ku jefa suna da ka. Duk wanda ya ce maka hauya ka tambaye shi a duƙe ake aiki da ita ko a tsaye, me ake yi da ita a gonarsu, amsar ka sa ya rubuto ta a waya kada ya faɗa da baki. In aikin ya wuce guda 5 ka buga ɗaya ya zo ya riƙe ta a hannunsa ya ce ita ce, ya ajiye rabin kuɗi, sannan a hura wuta. Gobe in ka zo ka taho da wayar, zan zube maka ruwa 6 ba ƙota a ƙasa ka ɗauke su da kanka daga sama, sannan ka gaya min wanne ne wanne.