Kafin alƙalami a aikin kayan ɗaki

"Kawu barka da dare. Wata Hajiya ƙawar Umma ce ta ba ni aikin kayan ɗakin ƴarta gaba ɗaya, gado da wadirof da madubi da kujeru saiti ɗaya, mun tsaya a miliyan 1 da dubu 800, biki saura wata biyu. Ina so mu yi rubutu ta ba da kafin alƙalami amma ina jin nauyi kar ta ce na raina ta. A al'ada ana yi wa babba haka? Kuma nawa zan karɓa?"

Barka kadai ɗana, Allah ya sa albarka a aikin nan. Ana yi mana. Da can da muke koyon aiki a Panteka ba kowa ke rubutu ba gaskiya, amma ba a taɓa ƙulla babban ciniki mutum biyu su kaɗai ba, sai an kira maƙwabcin shago ko wani dattijo ya tsaya, a faɗi kuɗi a gabansa a faɗi rana, a ƙirga abin da aka bayar a kan idonsa sannan a ce Allah ya sa albarka. Takardar nan aikin wannan dattijon take yi, ita dai ba ta mantuwa ba ta tafiya. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, maganar rubuta bashi ce da kafa shaidu, to ka ga babu abin kunya a nan. Ka je gida ka same ta, ka durƙusa ka gaishe ta yadda ka saba, ka ce Hajiya na rubuto abin da muka yi magana ne don kar in manta wani abu in yi miki ba daidai ba, a duba min. In ka ɗora mantuwar a kanka babu babbar da za ta ji haushi.

Maganar nawa za ka karɓa kuwa, kar ka ce rabi don ka ji ana cewa rabi. Ka fara shiga kasuwa tukuna ka yi lissafin kayan aiki, katako, filawud, soso, yadin kujera, gam, ƙusa, fenti, gilashin madubi, hannayen ƙofa da su hinji, har kuɗin mai kurar da zai kawo maka su shago. A ce duka sun kama miliyan 1 da dubu 200, to kafin alƙalaminka ke nan, ba ƙasa da haka ba, kuma ranar da kuɗin suka shigo ko washegari ka je ka sayo kayan duka ka ajiye. Ka tuna yadda aka yi a 2023 bayan cire tallafin mai, abin da ka taya ranar Litinin in ka koma Juma'a ya tashi, masu sana'a da yawa da suka karɓi kuɗi kaɗan suka ce sa sayi sauran daga baya su suka cika daga aljihunsu. Shi ya sa ma za ka rubuta cewa wannan farashin yana nan ne in an biya kafin alƙalami cikin kwana 7, in ya wuce a sake lissafi. Sauran dubu 600 ka raba biyu, dubu 300 in ta zo ta ga an haɗa komai kafin fenti da sa yadi, dubu 300 na ƙarshe kafin a ɗora kaya a mota. Kafin a ɗora fa, ba bayan an jera ba. In kaya suka shiga ɗakin amarya shi ke nan, uwar amarya ta gama kashe abin hannunta a gara da abincin biki, ba mugunta za ta yi maka ba, babu ne kawai, kai kuma kunya ba za ta bar ka ka riƙa sintiri gidan ƙawar mahaifiyarka ba.

Inda aka fi samun rigima kuma ba a kuɗin ba ne ma, a siffar kayan ne. Kar ka rubuta "gado ɗaya" ka tsaya. Ka rubuta gado ƙafa 6 da 6 da durowar gefe biyu, wadirof mai ƙofa nawa, tsayinsa da faɗinsa, kujeru mai zaman uku da mai zaman biyu da masu zaman ɗaya guda biyu, wane irin katako wane irin soso. Ka je da tef ka auna ɗakin da ƙofarsa da kanka, wadirof da ya ƙi shiga ƙofa ranar jere ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Launi kuma kar ka yarda da hoton waya, ni ya taɓa ci na. Wata baiwar Allah ta ce min ruwan toka take so, na yi kujeru tsaf, ta zo ta ce ai ita mai haske take nufi wannan ya yi duhu, ba ni da abin nunawa ita ma ba ta da shi, haka na warware yadin saiti guda na sake da kuɗina, ribar aikin duka ta tafi a nan kuma har yau in na tuna abin yana min ciwo. Tun daga ranar nake yanko ƙyallen yadin gida biyu, in maƙala ɗaya a takardata ɗaya a ta mai kaya, fenti kuma a shafa a guntun katako ta gani da ido. In daga baya amarya ta ga wani salo ta ce a canja, kar ka taɓa komai sai an rubuta a bayan takardar, canjin kaza, ƙarin kuɗi kaza, ƙarin kwana kaza, Hajiya ta sa hannu, don da ita ka yi ciniki ba da amarya ko ƙawayenta ba.

Ranar gamawa ka rubuta kwanan wata sosai, kar ka ce "kafin biki". Ka sa kwana 10 kafin ranar jere, wuta na iya ƙin zuwa, fenti ma in iska ta yi danshi ba ya bushewa da wuri. Kuma ka rubuta abin da ke kanka in ka saɓa, misali za ka rage mata wani abu a kowane mako da ka ƙara, in ta ga ka ɗaure kanka ita ma ba za ta ji nauyin nata sharaɗin ba.

Sai abin da ba a son faɗa, in an fasa ko an ɗaga bikin. Allah ya kiyaye amma yana faruwa, sai dai ka sa shi da ladabi, ka ce "in wani uzuri ya taso". In ba ka sayi komai ba ka mayar mata da kuɗinta cif, ba naka ba ne. In ka sayi kaya ba ka yanka ba, kayan nata ne, ta ɗauka ko a sayar a ba ta abin da aka samu, shi ya sa za ka adana rasit na duk abin da ka saya. In an riga an yanka an fara haɗawa to a cire kuɗin kaya da ladan aikin da aka yi. In kuma ɗagawa aka yi, a rubuta kwana nawa kayan za su zauna a shagonka, filawud in ya sha danshin damina kumbura yake yi kuma kai za a ɗora wa.

Duka wannan shafi ɗaya ya isa, da Hausa, da hannunka ma in rubutunka na karantuwa. Sunanka da nata da lambar waya a sama, kwanan wata, kuɗi a rubuta da lamba da kuma kalmomi, waye zai biya motar kai kaya da masu ɗaurawa, a ƙasa ku sa hannu da shaidu biyu, ɗaya nata ɗaya naka. Kar ka sa Ummanka a shaida, in abu ya ɓaci zumuncinsu ne zai taɓu, ka ɗauki maƙwabcin shagonka. A yi kwafi biyu kowa ya riƙe nasa, ka ɗauki hoton takardar ka tura wa Hajiya ta WhatsApp, kuɗin kuma ta turo ta banki zuwa asusunka kai kanka ba na yaron shago ba. In ka rubuta ka turo min in duba kafin ka kai mata, ka gaishe min da Ummanka.