Takardar Gargaɗi Kan Gazawa a Aiki: Ƙin Sa Hannu Ba Zai Cece Ka Ba

Wani ɗan'uwa daga Agege, akawun sito a wani kamfani a Apapa shekara 4, ya rubuto cewa an ba shi takardar gargaɗi saboda makinsa na aiki ya gaza a zango biyu a jere, wato wata shida, an kuma ɗiba masa wata uku ya gyara. Ya ƙi sa hannu, yana cewa ai doka ta hana kora sai an yi gargaɗi uku.

Malam, ban ga takardunka ba, don haka maganata da iyaka. Amma wannan gargaɗi uku da ake yawan faɗa babu shi a Dokar Ƙwadago ta Najeriya. In akwai shi, a takardar ɗaukarka aiki yake ko a littafin ƙa'idojin kamfani, idan takardar ta jingina da littafin. Can za ka duba. Abin da sashe na 11 na dokar ya tanadar wa irinka, mai shekara 2 zuwa 5 a aiki, sanarwar sallama ta mako biyu ce a rubuce ko kuɗin madadinta, sai dai in yarjejeniyarku ta ba ka fiye da haka.

Sa hannun nan a galibi shaidar karɓa ce kawai. In ka ƙi, za su rubuta cewa ka ƙi, su kira shaida, fayil ɗinka ya ƙara nauyi. Ka sa, ka rubuta kwanan wata, ka ƙara da cewa ka karɓa ne, amsarka na tafe.

Amsar ita ce aikin. Ka tambaye su a rubuce: da wane ma'auni aka auna ka, yaushe aka sanar da kai shi, wa ya ba da makin? Idan a ce jinkirin fitar da kaya ake ɗora maka alhali motoci ne suka maƙale a hanyar tashar jiragen ruwa, ka kawo ranakun da takardun shigar kaya. Ka nemi su fayyace abin da za ka cimma cikin wata ukun. Kamfanoni da yawa sukan rubuta "ka inganta aikinka" su yi shiru, wanda ni dai ban ɗauke shi gargaɗin kirki ba.

Batun kotu kuwa, a yi hattara. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Ikoyi, tun gyaran tsarin mulki na 2010 tana iya duba adalcin kora, kuma ta sha neman kamfani ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Sai dai hukunce-hukuncen ba su taru a kan magana ɗaya ba, kuma da wuya a mayar da ma'aikacin kamfani mai zaman kansa bakin aikinsa, yawanci diyya ce. Kai kuma har yanzu ba a kore ka ba.

Kada ka ajiye aiki cikin fushi. Ka nemi zama da sashen kula da ma'aikata, da wakilin ƙungiya in kuna da ita. In abin ya cije, kotun ma tana da cibiyar sulhu, gwamnatin Legas kuma tana da cibiyar sasanta jama'a kyauta.