Mota ta mutu a Hawan Kibo: ina ake ajiye sikoshin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ranar Juma'a na taso daga Bukuru da iyalina za mu Abuja. Muna cikin gangaren Hawan Kibo, dab da magariba, motata ta mutu bayan fitilar batir ta daɗe tana kunne. Na kunna dabul sigina, na ajiye sikoshin a bayan motar, na karyo ganye na zuba. Ko rabin awa ba a yi ba fitilun suka mutu, wata tirela kuma ta kusa kwashe mu, yara suna ciki. Har yau in na tuna jikina rawa yake yi. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya kuma kwantar wa maiɗakinka da yaran hankali.

Ka ce a bayan motar ka ajiye sikoshin. Zan iya rantsewa bai wuce taku uku ko huɗu daga bamba ba, domin haka nake gani kullum daga Mararrabar Jama'a har Akwanga. Wannan ita ce matsalar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a duk shekarun da na yi ina koyar da tuƙi, don haka ka yi haƙuri in daɗe a kanta.

Mutanenmu sun mayar da sikoshin kamar lasin. Abu ne da ake saya don a nuna wa 'yan rod sefti a shinge, a mayar but, ya yi shekara biyar a cikin ledarsa ba a taɓa buɗe shi ba. Ran da mota ta lalace sai a ɗauko shi a jingina da bamba, wani ma ya ɗora a kan rufin mota, wai ya cika doka. To wa ka sanar? Direban da ya iya ganin sikoshin ɗin da ke manne da motarka ai ya riga ya ga motar kanta, kuma a lokacin bakin alƙalami ya bushe. Aikin wannan ɗan abu mai kusurwa uku shi ne ya ba direban da ke tafe lokaci, kuma a kan titi ba a samun lokaci sai da tazara.

Mu yi lissafin tare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane cewa a tsaye yake, ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, wato ya riga ya ci mita 40 da 'yan kai bai rage komai ba. Birkin kansa, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, yana buƙatar wasu mita 55 ko fiye. Ka ga an doshi mita 100 ke nan, kuma ƙaramar mota muke magana a shimfiɗaɗɗen titi. Yanzu ka sa tirela mai ɗauke da siminti a wurin, tana gangarowa daga saman Filato, birkinta ya riga ya yi zafi tun daga farkon gangaren. Wannan direban ko da ya gan ka, abin da zai iya kawai shi ne ya kauce, kaucewar ma sai in ya sami labari da wuri kuma babu mai tahowa ta ɗaya hannun.

Saboda haka a cikin gari, irin titin Ahmadu Bello a Jos inda ba a gudu sosai, mita 45 zuwa 50 ya isa. A babbar hanya kada ka yi ƙasa da mita 100. Ba wanda ke yawo da abin awo, sai ka ƙirga taku: takun babban mutum bai kai mita ɗaya ba, don haka taku 130 zuwa 140 ne zai ba ka mita 100. Da nisa, na sani. Mutane kunyar wannan tafiyar suke ji, ko su ce ai za a sace musu sikoshin. A sace mana! Nawa yake? In kuma a bayan kwana ka tsaya, ko a bayan tudu, ƙirgen taku ya tashi daga aiki. Sai ka wuce kwanar gaba ɗaya ka ajiye shi a inda mai tahowa zai gan shi tun bai karya sitiyari ba. Yayin tafiyar ka buɗe shi ka riƙe a ƙirji yana fuskantar motocin da ke zuwa, ka bi ta can bakin ciyawa, don kai ma a lokacin ba ganinka ake yi ba. Ka ajiye shi a gefen hannun da motarka ta tare, ka danne ƙafarsa da ɗan dutse saboda iskar manyan motoci tana kifar da shi. Hanyar Hawan Kibo mai zuwa da mai dawowa duk kwalta ɗaya suke bi, shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su riƙe guda biyu, ɗaya a baya ɗaya a gaba, domin mai hawowa ya san cewa wata mota za ta iya shigo masa hannu garin kauce maka.

Sai ganye. Da rana tsaka, in ba ka da komai, ya fi babu, ban musa ba, kuma direbobinmu sun san ma'anarsa. Amma ganye ba ya mayar da haske. Da magariba ta yi, koren reshe a kan baƙar kwalta ya ɓace, balle a Filato inda hazo ke sauka ya rufe hanya. Jan gilashin da ke jikin sikoshin kuwa da fitilar mai tahowa yake aiki, ita ce ke dukansa ya mayar mata da hasken, ba ruwansa da batirinka. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa ganye ya fi, wai shi direban tirela ya fi girmamawa. Tirela biyu in suka wuce, iskarsu ta share ganyen zuwa cikin kwata, kai kana can ƙarƙashin bonet kana zaton akwai abin da ke tsaronka.

Mutuwar dabul siginarka ba abin mamaki ba ce. Fitilar batir da ta kunnu tana gaya maka cewa altaneta ta daina caji, ko ita ce ta lalace ko bel ɗinta ya tsinke. Tun daga lokacin motar a kan batir kaɗai take tafiya, har ta tsotse shi injin ya mutu. Sai kuma ka ɗora wa wannan ragowar ƙwan fitila huɗu, kowanne wat 21, suna ƙiftawa. Lafiyayyen batir zai ɗauke su sa'o'i, naka kuwa ya riga ya ƙare. Kunna su da ka yi daidai ne, kuma ko gobe su ne abu na farko da zarar mota ta tsaya. Da ka kashe manyan fitilu da rediyo da fanka da sun ɗan ƙara jimawa. Kuskuren shi ne dogara da su. A matsalar wuta, dabul sigina na iya tafiya a kowane lokaci, shi ya sa ba a tsayawa buɗe bonet sai an kai sikoshin wurinsa.

Gaskiyar magana, shawarar inda za ka tsaya tun a sama ya kamata ka yanke ta. Wanda fitilar batir ta kunnu masa ba ya shiga gangaren Hawan Kibo da yamma. Da ka tsaya a Riyom, ko a wani gidan mai, inda akwai fili da mutane da bakanike. Amma tunda ta riga ta mutu a kan tafiya, ga abin da ake yi da 'yan daƙiƙoƙin da suka rage. Kada ka murza makulli baya ka kashe shi gaba ɗaya, sitiyari na iya kullewa. Sitiyarin zai yi nauyi amma yana juyawa, ka sa ƙarfi. Birki kuma yana da sauran taimako na taku ɗaya ko biyu kafin ya sandare, don haka kada ka yi ta famfa shi, ka taka sau ɗaya ka riƙe. Ka fara ba da siginar dama tukuna, domin in ka kunna dabul tun kana tafiya na bayanka ba zai san ta ina za ka bi ba. Sannan ka bar gangaren ya tura ka zuwa miƙaƙƙen wuri da ake hango shi daga nesa, inda tayoyi huɗu za su sauka daga kwalta. Cikin kwana, kan gada, da dab da bayan tudu, waɗannan ukun in da hali a wuce su ko da mita hamsin ne. Haka in taya ce ta fashe: gara ka lallaɓa a hankali ka lalata ta har ka kai fili, da ka kafa jak a cikin kwana kana durƙushe a hannun titi.

Da ta tsaya, ka ja hambirki, ka sa giya, ribas in hancinta na kallon gangare, ko P in otomatik ce. Ka juya tayoyin gaba zuwa dama, ta yadda in an doke ta daga baya daji za ta nufa. Ka sa waigi ya tokare taya.

Yaran kuwa, Malam, bai kamata su kwashe ko minti ɗaya a ciki ba. Na san abin da ke sa a bar su: sanyin Filato, duhu, da tsoron miyagun mutane a hanya. Amma motar da ke tsaye a bakin kwalta ita ce abin da za a doka. Kowa ya fita ta ƙofofin dama, a hau can gefe nesa da titi, a tsaya ta sama da motar, wato ɓangaren da motoci ke tahowa. Wanda ya tsaya a gabanta ta gangare, in aka buge ta kansa za ta zo. Daga nan ne za ka kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ka gaya musu wane hannu kake, da garin da ka baro na ƙarshe, sannan ka nemi janwe ko bakanike.

Akwai abu ɗaya da zan roƙe ka, da duk direban da ke karanta wannan. In an gyara mota, a kwashe duwatsun da aka jera da waigin da rassan. Sau nawa nake tarar da dutse kamar kan mutum a tsakiyar hannu, mai shi ya tayar da motarsa ya tafi abinsa, ya bar wa ɗan acaɓa ko mai ƙaramar mota da zai zo cikin dare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to ina ga wanda ya ajiye shi da hannunsa?

Kafin ka sake kama hanyar Abuja, a gwada maka cajin altanetar, injin yana aiki ya kamata mita ta nuna wajen bolt 14. Ka kuma fito da sikoshin ɗinka cikin dare, ka kafa shi a layinku, ka ja da baya taku 130 ka haska shi da tocila. In bai ƙyalla ba, irin na roba zalla ne da ake sayarwa a go-sulo, sai ka nemi wani.