Lissafin mako na masarar ƙungiya: daga katin gona zuwa kuɗin da ke hannu

Tambaya: "Salamu alaikum jama'a. An ba ni sakataren ƙungiyarmu ta manoma a wajen Deba, ciyaman ya ce duk sati in riƙa kawo takaitaccen bayanin abin da aka girba da wanda aka sayar. Katin gona muna da shi, littafin sito ma akwai, amma in na haɗa ba sa daidaita, har an fara yi min wani irin kallo. Don Allah ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya taya ka riƙo. Kwantar da hankalinka tukuna, katin gona da littafin sito dama ba za su taɓa zuwa ɗaya ba, duk wanda ya kawo maka su cif a lokacin kaka to shi ya kamata a tuhuma, don akwai alamar a zaune ya rubuta. Na daɗe ina riƙe littafin tamu ƙungiyar a nan ɓangaren Kumo, kuma abin da muke yi shi ne takardar makon ta nuna bambancin a fili ta kuma faɗi inda kowane buhu ya bi.

Fara da yanke ranar rufe mako, ka tsaya a kanta. Mu Alhamis bayan la'asar muke rufewa saboda ran Juma'a bayan an sauko masallaci ake zama. Duk buhun da ya iso sito bayan an rufe na mako mai zuwa ne, ko da na ciyaman ne, ko da motar tana bakin ƙofa. In ka yi sassauci a nan sai ka tarar buhu ɗaya ya shiga mako biyu ko bai shiga ko ɗaya ba. Sannan ma'auni ya zama guda. A gona wani zai ce maka amalanke uku ya ɗebo, wani ya ce buhu, wata ta ce mudu, kuma mudun wannan ƙauye ba shi ne na wancan ba. Rubuta yadda suka faɗa a katin, kar ka canza musu magana, amma a gefe ka mayar da shi buhun kilo 100 na tsabar masara da aka casa. Wadda take kan totuwa ba ta shiga lissafin girbi sai an casa ta, ka dai sa mata layi ƙarami a ƙasa cewa akwai kaza da ba a casa ba.

Bari in yi maka misali da mako guda, lambobin da farashin duk na misali ne, kai sai ka sa naku.

A ce katin gona ya nuna mutum biyar sun casa buhu 70, amma mai sito ya rubuta 53 kacal suka shigo. Wanda bai san aikin ba zai ce an ci buhu 17. To bi su ɗaya bayan ɗaya. Masarar damina ce, zakkarta ɗaya cikin goma, kuma mutanenmu tun a bakin gona suke fitarwa kafin a ɗora a mota, ga buhu 7 sun tafi. (In noman rani ne da ake ba da ruwa da inji irin na 'yan'uwanmu na Dadin Kowa, ɗaya cikin ashirin ne, kar ka kwafi lissafin damina ka ɗora musu.) Mai injin casa an biya shi da hatsi buhu 2 saboda babu tsabar kuɗi a hannu. Mambobin sun wuce da 6 gida na tuwo. Saura 55 suka iso bakin sito. Cikinsu mai sito ya sa hannu a buhu 25 ya ji sanyi-sanyi, ya ciji ƙwaya ba ta fashe da ƙara ba sai ta lotsa, ya ce a baje a sake shanyawa. Da aka kwashe aka ɗinke sai suka koma 23.

Wannan na bushewa shi ne wanda aka fi rigima a kansa, don haka ka iya lissafinsa sosai. Masarar da za a ajiye ana so laimarta ta sauko wajen kashi 13 cikin ɗari. In ta zo da kashi 20, ka cire 20 daga 100 saura 80, ka cire 13 daga 100 saura 87, sai ka raba 80 da 87 zai ba ka kusan 0.92. Wato duk kilo 100 zai koma kilo 92, buhu 25 ya zama 23, ruwa ne ya tashi. Amma in 25 ɗin nan suka koma 20 to ya wuce bushewa, sai a tambayi wanda ya tsare shanya, ko awaki ne suka sha, ko hannu ne ya shiga. Kuma don Allah mai masarar ya tsaya da kansa lokacin sake awo, ya sa hannu ko ya dangwala a littafi. Dattijo ba zai yarda da 0.92 ɗinka a baki ba, amma abin da ya gani a kan sikeli da idonsa ba zai yi musu ba.

Ka ga yanzu 7 da 2 da 6 da 2 sun ba ka 17 ɗin nan. Abin da ke sa ba ka ganinsu, katin gonarku mai yiwuwa gurbi ɗaya ne da shi, "adadin girbi". Ja layi da biro ka ƙara gurbin zakka, ladan aiki da aka biya da hatsi, na ci a gida, da wanda aka tura sito. Wanda ke zagaya gonaki ya cike su nan take a gaban mai gona, in aka bari sai an dawo gida to an koma kintace.

Sai sito. Ragowar makon jiya a ce 120, ka ƙara 53 ya zama 173, an fitar da 40 an sayar, littafi ya ce saura 133. Kar ka rubuta 133 a takardar mako sai ka shiga da kanka kai da mai sito da mamba guda kun ƙirga jeri jeri. A misalinmu kun ƙirga kun samu 132. Sau tari ga inda ɗayan yake: an kai buhu 30 kasuwar Tudun Hatsi a Gombe, kafin a loda an ɗora a sikeli an ga kowanne ya gaza da kamar kilo 3, sai aka farke buhu ɗaya aka cika sauran, kilo 90 kenan, ragowar ta zube ko ta tafi a gyara. Kowa ya ga an yi amma ba wanda ya rubuta saboda ba sayarwa ba ce. Sa masa layinsa "cikon buhu, 1" ka rufe da 132, kuma 132 ɗin ne za ka buɗe mako mai zuwa da shi. In kun bincika ba ku gano dalili ba rubuta "gibin da ba a gano ba, 1" ka kai zama a haka. Ni dai ban yarda sakatare ya goge lamba don ta daidaita ba, ranar da aka gane sau ɗaya duk takardunka na baya sun zama abin zargi.

Yanzu kuɗi, inda zumunci ke ɓaci. Ciniki daban, kuɗin da ya shigo daban, kar ka taɓa haɗa su a layi ɗaya. Buhu 30 na Tudun Hatsi an sayar 45,000 kowanne, 1,350,000. Buhu 10 wani mai kaji ya zo har sito ya ɗauka a 47,000, wato 470,000, amma ya ba da 200,000 ya ce saura sai ya sayar da ƙwai. Cinikin mako 1,820,000. In ka karanta wannan lamba kaɗai a zama, kowa zai fara lissafin kasonsa a zuci, alhali kuɗin bai kai haka ba. Daga na kasuwa an cire kuɗin mota 45,000, 'yan dako 12,000, la'adar dillali 15,000, kuɗin kasuwa 3,000, duka 75,000, saura 1,275,000. Ka ga buhun da aka ce 45,000 ainihin abin da ya dawo gida 42,500 ne, kuma wannan lambar ita ya kamata mambobi su riƙa ji, don da ita za su gane in mai saye ya zo bakin sito ya taya 43,500 kuɗi hannu ya fi musu zuwa Gombe. Ka ƙara 200,000 na mai kaji, in kuma wani ya biya tsohon bashi 150,000 shi ma ya shigo amma a layinsa, ba cinikin wannan mako ba ne. Abin da ya shiga hannun ma'aji 1,625,000, sabon bashi a waje 270,000, da sunan mai shi da ranar da ya yi alkawari. Wanda aka tura ta waya ko POS kar ka rubuta ya shigo don an nuna maka hoton rasit, sai ma'aji ya ga alat a asusun ƙungiya, kuma a daina karɓa a asusun mutum ɗaya komai amanarsa, kare shi ne ma daga bakin mutane.

Matsakaicin farashi kuma ka raba jimlar ciniki da jimlar buhu, 1,820,000 a raba 40 ya ba da 45,500. In ka haɗa 45 da 47 ka raba biyu za ka samu 46,000, ba daidai ba ne tunda buhunan ba su kai yawan juna ba.

In kana da kwamfuta ko Excel a waya, kar ka buɗe shafi sabo duk mako. Shafi ɗaya dogo, kowane motsi layi ɗaya: kwanan wata a A, amfanin gona a B, irin motsin a C, adadin buhu a D. Ranar buɗe mako a G1, ranar rufewa a H1, sai wannan ya tara maka buhunan masarar da aka sayar a makon:

```
=SUMIFS(D:D,B:B,"masara",C:C,"sayarwa",A:A,">="&G1,A:A,"<="&H1)
```

In jimla ta fito ƙasa da yadda kake zato, duba ko wani layi an rubuta "masra" ko an bar fili bayan kalma, ko kwanan watan ya shiga a matsayin rubutu, irin wannan yakan manne gefen hagu na gurbin maimakon dama. In babu na'ura littafi mai bango da rula ya wadatar, da shi muka fara. Wake da shinkafa kowanne ka yi masa nasa lissafin, kar ka tara buhunansu da na masara.

Takardar da za ka kai zama kar ta wuce shafi ɗaya, mai sito da ma'aji su sa hannu kafin kai. Ka ɗauki hotonta ka tura wa mambobi, sannan ka yi saƙon murya gajere ka karanta lambobin saboda iyayenmu da matan da ba sa karanta boko, su ne ma suka fi riƙe lissafi a ka. In ka samu dama turo hoton katin gonarku guda ɗaya, ka rufe sunan mai shi, in duba maka gurbin da ya kamata a ƙara.